Abin da tela zai rubuta a allon shago da kuma shafinsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Tudun Wada, Zariya. Na yi shekara shida ina koyo a hannun maigidana, kuma a 2023 na buɗe nawa shagon. Kayan maza ne ƙarfina, kaftani da babbar riga, amma ina taɓa ɗinkin mata da kayan makaranta idan an kawo. Ina so in yi allo in kuma gyara bayanin da ke shafukana na sada zumunta. Ƙanena ya rubuta mini: "Gwani na gwanaye, muna ɗinka kowane irin kaya na maza da mata da yara, na zamani da na gargajiya, cikin sauri da rahusa, sai kun zo." Shin in sa haka a duka biyun? Kuma fenti zan yi ko bana, irin na leda da ake bugawa da inji?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a shagon. Shawarata ita ce kada ka sa wannan rubutu a ko ɗaya daga cikinsu, kuma kada ka yi rubutu guda ka raba shi tsakanin allo da shafi, domin masu karanta su ba a hali ɗaya suke ba. Mai duba allo yawanci yana kan mashin ne ko cikin adaidaita sahu, kansa a juye na ɗan lokaci kaɗan, kuma ya riga ya san inda shagon yake tunda ga shi a gabansa. Mai duba shafi kuwa yana zaune da waya a hannu, yana da lokacin karanta layi huɗu, amma bai san ko a Zariya kake ko a Sakkwato ba, bai kuma taɓa ganin fuskarka ba, ga shi yana tunanin ba ka shaddar da ya kashe kuɗi masu yawa a kanta. Na farkon yana bukatar ya san abin da ake ɗinkawa a nan da lambar da zai kira. Na biyun yana bukatar ya san inda kake, da abin da ka fi iyawa, da kwanakin da kayansa za su yi a hannunka.

Ƙanenka ya yi rubutun ne da kyakkyawar niyya, sai dai ka gwada ɗaukarsa ka liƙa a ƙofar telan da ke layinku na gaba, za ka ga ya zauna daram ba tare da an sauya harafi ɗaya ba. Wannan shi ne aibinsa na farko, wato babu komai a cikinsa da ya keɓanta da kai. Aibi na biyu ya fi wannan nauyi, domin kalmomin "sauri" da "rahusa" alƙawura ne da mai kaya zai riƙe ka da su. Wanda ya kawo yadi saura kwana biyar Sallah zai nuna maka allonka ya ce ai kai ka ce kana sauri, wanda kuma ka faɗa wa kuɗin babbar riga mai aiki zai ce ina rahusar da aka rubuta. Ita kuwa "gwani na gwanaye" kirari ne, kuma kirari a bakin wani yake da daɗi. Idan abokin cinikinka ya faɗe ta a wurin ɗaurin aure ana yaba wuyan rigarsa, ta yi maka aiki. Idan kai ka rubuta ta da kanka, mai karatu zai wuce ta kamar bai gani ba, saboda ya gan ta a allon mai aski da na mai gyaran waya.

Abin da zai fi yi maka wuya a wannan aiki shi ne cire ɗinkin mata da kayan makaranta daga rubutun, kuma na san dalilin da zai sa ka yi jinkiri: kana ganin duk abin da ka cire, ciniki ka kora. A zahiri ba haka abin yake tafiya ba. Matar da ke neman wanda zai yi mata doguwar riga ta leshi domin biki ba za ta zaɓi tela don ya rubuta yana ɗinka komai ba, za ta je wurin wadda ƙawayenta suka ce ita ce ta iya. Haka ma mutumin da ya sayi shadda mai tsada domin babbar riga yana neman wanda babbar riga ce aikinsa, kuma idan ya ga an jera ta tare da kayan makaranta da hijabi, sai zuciyarsa ta ba shi cewa ba a nan ƙwarewar take ba. Maƙwabtan da ke kawo maka kayan yaransu kuwa ba allo ya kawo su ba, sanayya ce, kuma za su ci gaba da kawowa ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Saboda haka ka rubuta abin da kake so baƙo ya zo nema, wanda kuma idan ya zo ba za ka ji kunya ba, wato kaftani da babbar riga. Idan ba ka tabbatar da abin da za ka sa a gaba ba, buɗe littafin awonka ka duba watanni shida da suka wuce, ka ga wane ɗinki ne mutane suka dawo a kansa karo na biyu, wane ne kuma ba a dawo da shi gyara ba.

Mu fara da allo. Layi uku sun isa: sunan shago, abin da ake ɗinkawa, da lambar waya. Zan yi amfani da "Wane" a madadin sunanka:

ƊINKIN WANE
KAFTANI DA BABBAR RIGA
lambar waya

Dalilin tsayawa a layi uku lissafi ne. Masu rubutun allo suna da wani kimantawa da suke aiki da shi, cewa harafi mai tsayin inci ɗaya yana karantuwa da kyau daga nisan ƙafa goma. Idan daga ƙofar shagonka zuwa ɗaya gefen titi ƙafa talatin ne ko arba'in, ke nan ƙaramin harafin da ke allon bai kamata ya gaza inci uku zuwa huɗu ba. Ɗauki allo mai faɗin ƙafa shida da tsayin ƙafa biyu, wato inci 72 da inci 24. Idan ka ba suna inci shida, layi na biyu inci huɗu, lambar waya inci huɗu, ka cinye inci 14, sauran goman kuma su ne tazarar da ke tsakanin layuka da bakin allo, wadda idan babu ita rubutun zai cakuɗe. Ta faɗi kuma, harafi mai tsayin inci huɗu yana cin kusan inci uku, don haka layi ɗaya ba zai ɗauki fiye da haruffa ashirin da 'yan kai ba. "KAFTANI DA BABBAR RIGA" haruffa 22 ne har da tazara, ya shiga ke nan da ƙyar. Rubutun ƙanenka ya haura haruffa ɗari, kuma idan aka matsa shi a wannan allo sai haruffan sun koma kusan inci biyu, wanda sai mutum ya zo bakin ƙofa zai karanta, alhali wanda ya zo bakin ƙofa ya riga ya ga keken ɗinki.

Lambar waya ɗaya za ka sa, wadda take kan WhatsApp kuma take hannunka kullum. Teloli da yawa suna jera lamba uku, ta maigida da ta yaron shago da wani tsohon layi, sai mai wucewa ya kasa riƙe ko ɗaya, kuma ranar da yaron ya bar shagon lambarsa tana nan a allo tana karɓar kiran abokan cinikinka. Lambobin Najeriya guda 11 ne, kuma ido ya fi kama su idan an raba su huɗu, uku, huɗu. Game da launi, baƙi ko shuɗi mai duhu a kan fari, ko fari a kan shuɗi mai duhu, sun fi ja a kan kore ko ruwan zinare a kan rawaya, waɗanda suke yin kyau a fuskar kwamfuta amma su ɓace a hasken rana. Ka roƙi mai zanen ya yi amfani da haruffa masu kauri a tsaye, ya bar masu lanƙwasa irin na katin gayyata.

Kada ka sa farashi a allo, domin kuɗin zare da man janareta ba sa tsayawa wuri ɗaya, allon kuwa zai daɗe. Kada kuma ka sa adireshi, tunda mai karanta shi yana wurin, sai dai idan shagon yana cikin lungu ne allon kuma yana bakin titi, a nan kibiya da "shago na uku" sun fi amfani. Idan kana son ka sa Masha Allah ko wata addu'a kamar yadda aka saba, ka sa ta ƙarama a sama, amma ina ganin ya fi kyau a bar ayar Alƙur'ani daga bana, saboda ƙarshensa yakan zama yagewa da faɗuwa ƙasa.

Wannan ya kawo mu ga zaɓin fenti ko bana. Bana ya fi saurin samuwa, yawanci ya fi araha a farko, kuma yana ɗaukar hoto. Rauninsa shi ne rana tana cin launinsa, musamman idan ƙofar shagon tana kallon yamma, iskar farkon damina kuma tana yaga shi idan an rataye shi da igiya ta kusurwa huɗu kawai. Kuskure a bana ba ya gyaruwa, sai dai a sake bugawa. Fenti a kan falan ƙarfe ya fi jure rana, kuma idan ka sauya lamba mai fenti zai shafe layin ya sake rubutawa ba tare da an taɓa sauran ba. Tunda rubutunka layi uku ne babu hoto, kuma shagon ba na wucin gadi ba ne, ni fenti zan zaɓa maka, bisa sharaɗin ka ga aikin mai rubutun da idonka tukuna, ka duba ko haruffansa suna tafiya daidai ko suna ƙanƙancewa idan ya kusa ƙarshen layi. Idan kuwa haya kake kuma ba ka da tabbacin za ka shekara biyu a wurin, ka yi bana, amma a ɗaure shi a kan firam na ƙarfe ko katako ya miƙe sosai. Akwatin allo mai fitila a ciki yana da kyau ga mai aikin dare a watan azumi, sai dai kuɗinsa ya fi, kuma amfaninsa ya dogara ga wutar da kake da ita. Ƙwan sola ɗaya a saman allon fenti zai yi maka kusan wannan aikin.

Idan ka zaɓi bana, mai bugawa zai ce a sa hoto, kuma sau da yawa zai ɗauko hoton wani sananne sanye da babbar riga daga intanet. Kada ka yarda. Ba kai ka ɗinka rigar ba, mutumin bai ba ka izini ba, kuma ranar da wani ya nuna hoton ya ce irin wannan yake so, ka ɗaura wa kanka aikin da wataƙila injin da aka yi shi da shi ma ba ka da shi. Hoton wuyan kaftanin da ka ɗinka da hannunka, an ɗauka kusa a hasken safe, ya fi maka daraja.

Yanzu shafi. A nan ma wurin ƙayyadadde ne: Instagram yana ba da haruffa 150 ne a gurbin bayani, shafin kasuwanci na Facebook kuma 101, kuma tazara da aya duk ana ƙirga su. Ga abin da zan rubuta da ni ne kai:

"Telan kayan maza a Tudun Wada, Zariya. Kaftani da babbar riga, da aikin wuya. Ɗinki kwana 10, ban da lokacin Sallah. Awo a shago ko ta WhatsApp."

Wannan haruffa 144 ne, ya shiga Instagram. Jimloli biyun farko haruffa 77 ne, su za ka sa a Facebook. Jimlar farko ta faɗi ko kai wane ne da inda kake, kuma na sa sunan gari tare da unguwa da gangan, domin akwai Tudun Wada a Kaduna, akwai a Kano, akwai a Jos, kuma mai karatu daga nesa ba zai san wadda kake nufi ba. Jimla ta biyu ta faɗi ƙarfinka. Idan aikin wuyan ba a shagonka ake yi ba, kai ma kaiwa kake wurin masu injin kwamfuta ko masu aikin hannu, babu laifi ka ambace shi tunda ta hannunka yake fita, amma kada ka rubuta "aikin hannu" idan na inji ne. Wanda ya san aska takwas ko aska biyu ta allura zai gane da zarar ya juya rigar ya dubi bayanta, kuma irin wannan mutumin shi ne wanda ake tambaya wurin wa za a kai ɗinki.

Jimla ta uku ita ce mafi muhimmanci, kuma ita ce za ta bambanta ka da sauran, saboda ƙorafin da aka fi yi da teloli na saɓa alƙawari ne, fiye da na ɓata yadi. Kwana goman da na rubuta misali ne, kai za ka fitar da naka adadin, kuma ga yadda ake yi. A ce kai da yaronka kuna gama kaftani biyu a rana idan akwai wuta, kuma a mako na yau da kullum akwai kaya goma sha biyu a gabanka suna jira. Kayan da aka kawo yau ke nan ba za su hau keke ba sai bayan kwana shida. Ƙara kwana biyu na zuwa wurin mai aikin wuya da dawowa, kwana ɗaya na ɗinki da maɓalli da guga, sannan kwana ɗaya na abin da ba a tsara ba, kamar rashin wuta ko rasuwa a unguwa. Ka samu goma. Idan ka rubuta goma ka kira mai kaya a rana ta takwas, zai faɗa wa mutane. Idan ka rubuta uku don ka burge, ka ba shi a rana ta bakwai, ya samu kayansa da wuri fiye da na farkon amma ya tafi yana cewa ka yi masa ƙarya. Babbar riga mai aiki tana iya cin fiye da haka, wannan sai ka faɗa da baki lokacin karɓar yadi, ka kuma rubuta ranar a takardar da za ka ba shi tare da kafin alƙalamin da ya bayar.

Kalmomin "ban da lokacin Sallah" kariya ce gare ka, amma ba su wadatar ba. Amfanin shafi a kan allo shi ne ana sauya shi a minti ɗaya, don haka idan Sha'aban ya kama ka cire jimla ta uku ka sa ranar da za ka rufe karɓar ɗinkin Sallah, misali "Muna rufe karɓar ɗinkin Sallah 10 ga azumi." Ranar da ka cika, ka sauya zuwa "An rufe karɓar ɗinkin Sallah." Za ka ji kamar kana korar kuɗi, amma wanda ya karanta haka ya fahimci cewa kai mai aiki ne da yawa kuma mai sanin iyakarsa, kuma baɗi zai kawo da wuri. Haka za ka yi kafin Babbar Sallah, kuma kada ka manta ka mayar da rubutun yadda yake bayan an sauko, domin shafin da har Muharram yana cewa an rufe karɓar ɗinki yana kama da na wanda ya daina sana'a.

Jimla ta huɗu ka bar ta ne kawai idan da gaske kana karɓar awo daga nesa kuma kana da hanyar da ba ta ba ka matsala. Awon da mutum ya yi wa kansa da tef a gida yakan zo da kuskure a kafaɗa da tsayin hannu, kuma idan rigar ta fito ba daidai ba, kai za a ɗora wa laifi. Idan ba ka saba ba, rubuta "Awo a shago, ko a aiko rigar gwaji", wato mai kaya ya haɗo yadin da wata rigarsa da ta zauna masa daidai. Ka ƙirga haruffan bayan ka sauya, domin wannan ta fi waccan tsawo kuma za ta haura 150 sai ka rage wani abu, misali ka cire "da aikin wuya".

Ba na ganin shekarun koyonka suna bukatar shiga wannan ɗan gurbi. Wurinsu shi ne dogon bayanin da WhatsApp Business yake ba da dama, inda akwai kuma gurbin adireshi da lokutan buɗewa da jerin hotunan kaya. A can za ka iya rubuta: "Na koyi ɗinki shekara shida kafin in buɗe shagona a 2023. Ina ɗinka kaftani da babbar riga, kuma ina rubuta wa kowa ranar karɓar kayansa." Ka lura na sa shekarar buɗewa a madadin adadin shekaru, saboda "tun 2023" ba ta tsufa, "shekara biyu" kuwa baɗi ta zama kuskure. Kada ka haɗe shekarun koyo da na shago ka ƙara musu wasu don su yi yawa, mutanen unguwa sun san ranar da ka buɗe. Idan maigidanka sananne ne a garin, ambatonsa zai ƙara maka ƙima, amma ka je ka gaishe shi ka nemi izininsa kafin ka sa sunansa, domin duk rigar da ka ɓata bayan haka shi ma ta shafe shi.

Sunan shagon ya zama iri ɗaya a allo da kowane shafi da takardar shaidar biya, har da yadda aka rubuta shi. Gurbin sunan mai amfani a Instagram ba ya karɓar haruffa masu ƙugiya, kuma yawancin masu nema ma "dinki" suke bugawa, don haka a can ka rubuta shi ba ƙugiya, a allo da cikin bayani kuma ka sa ta yadda ya dace. Kada ka ƙara wa sunan `Ltd` alhali ba ka yi rajistar kamfani ba. Abin da ya dace da mai shago ɗaya shi ne rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, wadda za ta ba ka damar buɗe asusun banki da sunan shagon. Lambar asusu kuwa kada ta shiga bayanin shafi ko allo. Masu damfara suna kwafar hotuna da bayanin tela su buɗe shafi mai kama da nasa su sa nasu asusun, kuma idan abokan cinikinka sun saba cewa kai sai an yi magana an daidaita kake ba da lamba, zai yi wuya a yaudare su. A gurbin mahaɗi ka sa wanda zai kai mutum kai tsaye ga WhatsApp ɗinka, ana rubuta shi da 234 a gaba, a cire sifirin farko na lambar, ba tazara ba alamar tarawa:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX
```

Kafin ka biya kuɗin allo, samo kwali ka rubuta layuka ukun da girman da za a yi su, ka liƙa a inda allon zai zauna, ka tsallaka titi da tsakar rana ka duba, sannan ka sa wani ya wuce da kai a kan mashin ka ga ko za ka iya karanta layi na biyu. Idan mai zanen ya nuna maka samfuri, kada ka karanta lambar da ido kawai, domin idonka ya san ta kuma zai gyara maka kuskuren da kansa. Ba wani wayarsa ya buga lambar yadda take a samfurin, ka ga ko taka za ta yi ƙara. Ka kuma tambayi maƙwabtanka masu shaguna abin da ake biya na kafa allo a wannan titi da wanda ke karɓa, domin allon da aka manna a jikin shago da wanda aka kafa a bakin titi ba lallai hukuncinsu ya zama ɗaya ba, kuma gara ka sani kafin a haƙa rami a zuba siminti.